Wane kaya zan fi bai wa lokacin injina? Lissafin rara a kan awar maƙogwaron masana'anta

Tambaya: "Malam, ina da ƙaramar masana'antar kayan ƙarfe, muna yin gado da tebur da kujera. Akantanmu ya nuna mini cewa gado ya fi kowanne riba, sai muka mayar da hankali kansa. Aiki ya yi yawa, oda har ta fi ƙarfinmu, amma a ƙarshen wata kuɗi ba sa ƙaruwa. Wani ya ce in riƙa lissafi da awar injin da ke tsayar da aiki. Yaya ake yin wannan lissafin?"

Amsa: Malam, akantanka bai yi ƙarya ba, sai dai ma'aunin da ya ɗauka ba na wannan shawarar ba ne. Ya auna abin da gado ɗaya ke kawowa, alhali abin da ya yi maka ƙaranci ba adadin gadaje ba ne, lokacin inji ɗaya ne. Idan oda ta fi ƙarfin masana'anta, abin da kake sayarwa a zahiri shi ne mintocin wannan injin, gado da tebur da kujera hanyoyi ne kawai na mayar da mintocin kuɗi.

Masanin kimiyyar fiziks ɗan Isra'ila, Eliyahu Goldratt, shi ne ya yaɗa wannan tunanin a shekarun 1980. Abin da ya kafa a kai mai sauƙi ne: kowane layin aiki yana da wuri guda da ya fi sauran matsewa, kuma duk abin da masana'anta za ta iya fitarwa sai ya bi ta nan. Zan riƙa kiran wurin maƙogwaro, domin komai girman baki, abin da maƙogwaro ya bari shi ke wucewa.

Tunda ba ka turo alƙalumanka ba, zan tsara na misali, sai ka cire nawa ka sa naka. Ban sa sunan kuɗi ba, lissafin ɗaya ne ko da wane kuɗi kake ciniki.

Mu fara da gano maƙogwaron. A ce kaya na bin matakai uku: yanka, walda, fenti, kuma kowane mataki yana da awa 40 a mako. Kasuwa tana neman gado 30, tebur 40 da kujera 90 kowane mako. Sai ka ɗauki kowane mataki ka tambaya, in da za a yi duk wannan odar, awa nawa zai ci? A wurin yanka, gado minti 20, tebur 15, kujera 8, jimilla minti 1,920, wato awa 32. A wurin fenti, gado minti 20, tebur 18, kujera 10, jimilla awa 37. A wurin walda kuwa gado yana cin minti 60, tebur 30, kujera 10, sai jimilla ta kama minti 3,900, wato awa 65 a inda ake da 40 kacal. Walda ce maƙogwaro.

Kada ka tsaya ga takarda. Ka zaga cikin masana'antar da safe ka duba inda yankakken ƙarfe ya taru jingim yana jira, sannan ka duba su wa ke zaune hannu biyu suna jiran a miƙo musu aiki. Tsakanin tulin nan da masu jiran nan maƙogwaron yake. Idan takarda ta ce walda amma tulin yana gaban fenti, to mintocin da aka rubuta maka ne ba daidai ba, sai a koma a auna da agogo.

Abu na biyu shi ne rara. A wannan lissafin, rara ita ce kuɗin da aka sayar da kaya, a cire kuɗin da ba za a kashe ba sam in da ba a yi wannan kayan ba. Galibi ɗanyen kaya ne: ƙarfe, fenti, sandar walda, kwalin naɗi, da kuma la'adar dillali in kan kowane guda ake biyanta. Albashin wata, hayar wuri, ragin darajar injuna da albashin ofis ba sa shiga, domin ko an yi gado ko ba a yi ba, ƙarshen wata sai an biya su. Waɗannan ana tara su wuri ɗaya a matsayin kuɗin tafiyar da masana'anta, ba a raba su kan kayayyaki. Nan ne wannan hanya ta rabu da wadda akantoci suka saba, inda ake ɗora wa kowane kaya kasonsa na haya da albashi. A littattafai da manhajojin lissafi haka za ka ga an rubuta, inda Throughput ke nufin rara, TVC kuɗin da ke tafiya da kowane kaya, bottleneck kuma maƙogwaro:

```
Throughput = Sales − TVC
Return per factory hour = Throughput per unit ÷ Time on bottleneck
Cost per factory hour = Total factory cost ÷ Total bottleneck hours
TPAR = Return per factory hour ÷ Cost per factory hour
```

Akwai abu ɗaya da ya kamata ka kula da shi game da leburori. Idan mai walda albashin wata yake karɓa, kuɗinsa na cikin kuɗin tafiyarwa. Idan kuwa jinga ce, ana biyansa kan kowane gado da ya haɗa, to kuɗin nan yana tafiya da gadon, dole a cire shi kafin a ce ga rara. Na sha ganin masu masana'anta sun haddace cewa ɗanyen kaya kawai ake cirewa, suka bar jinga a waje, lissafin ya nuna musu rarar da babu ita.

Yanzu ga misalin. Ana sayar da gado 900, kayan haɗinsa 420, rara 480. Tebur 600, kayan haɗi 270, rara 330. Kujera 250, kayan haɗi 100, rara 150. Duk wanda ya kalli wannan jerin zai ce a yi gado, kuma abin da akantanka ya gani ke nan. To amma raba kowace rara da lokacin da kayan ya ci a walda. Gado ya cinye awa guda cur, ya bar 480. A cikin awar nan za a haɗa tebur 2, su bar 660. A cikinta kuma za a haɗa kujera 6, su bar 900. Jerin ya juya gaba ɗaya, kujerar da ake raina ita ce kan gaba, gado ya koma ƙarshe.

Bari mu gwada tsare-tsaren biyu a mako guda, a ce kuɗin tafiyar da masana'anta 22,000 ne a mako. A tsarin da kuke kai, ana fara cika odar gado: gado 30 sun ci awa 30, sun kawo 14,400. Saura awa 10, an yi tebur 20, sun kawo 6,600. Kujera ko ɗaya ba ta samu wuri ba. Jimillar rara 21,000, a cire 22,000, an yi asarar 1,000, ga shi kowa ya sha gumi mako guda, injin walda bai huta ba.

A tsari na biyu ana bin jerin awa. Kujera 90 sun ci awa 15, sun kawo 13,500. Tebur 40 sun ci awa 20, sun kawo 13,200. Saura awa 5, an yi gado 5, sun kawo 2,400. Jimilla 29,100, a cire 22,000, riba 7,100. Ma'aikata ɗaya, injuna ɗaya, awa 40 ɗin nan dai, farashi bai motsa ba, amma tazarar da ke tsakanin makonnin biyu ta kai 8,100.

Ma'aunin da ake rubutawa TPAR yana kwatanta abin da awar maƙogwaro ke kawowa da abin da take ci. Masana'antar tana kashe 22,000 a mako, kuma awa 40 na walda ne ke ɗauke da wannan nauyin, don haka kowace awar walda tana bin ka bashin 550. Kujera tana kawo 900, a raba da 550, ya ba da 1.64. Tebur 1.2. Gado 0.87. Abin da ya haura 1 yana biyan kasonsa har ya bar saura, abin da ya gaza 1 kuwa, in da shi kaɗai za a cika mako da shi, asara za a yi. Ka gwada: gado 40 sau 480 ya ba da 19,200, bai kai 22,000 ba.

A nan mutane da yawa ke yin kuskure, har da masu karatun akanta. Suna ganin 0.87 sai su ce a daina yin gado. In ka daina, me za ka sa a awa 5 ɗin da suka rage? Kasuwar kujera ta ƙoshi a 90, ta tebur a 40. Injin zai zauna ne kawai, kuɗin haya da albashi ba za su ragu da ko ɗaya ba, ribarka ta sauko daga 7,100 zuwa 4,700. Gado bai cancanci zama na farko a layi ba, amma 480 ta fi babu. Ni dai wannan ma'aunin ina amfani da shi ne don jera kayayyaki da kuma ganin wanda ke bukatar gyaran farashi ko gyaran hanyar haɗi. Ba na yanke hukuncin kashe kaya da shi kaɗai.

Abin da na fi so ka riƙe daga wannan lissafin shi ne darajar awa ta gaba. In aka ƙara maka awa ɗaya a walda, nawa za ta kawo? Ba 900 ba ce, domin babu sauran odar kujera. Abin da ke jira shi ne gado 25 da ba a yi ba, saboda haka awa ta 41 darajarta 480, haka za ta ci gaba har ƙarin awa 25, daga nan ta faɗi zuwa sifili tunda oda ta ƙare. Wannan 480 ɗin ita ce sandar awonka ga kusan kowace shawara da ta taɓa walda.

A ce mai walda ya yarda ya ƙara lokaci bayan tashi, kuɗin ƙarin lokacinsa da wutar da za a ci sun kama 200 a awa. Kowace awa ta bar maka 280, ka karɓa. A ce wani maƙeri a waje zai haɗa maka firam ɗin gado a kan 300 kowanne, kai ka ba da ƙarfe, ka yi fenti. Akanta zai iya cewa a gida waldar gado ɗaya ba ta kai 300 ba, don haka ya yi tsada. Amma zaɓinka ba tsakanin gida da waje ba ne, tsakanin sayar da gadon da rasa cinikin ne. Kowane gado zai bar 180, gado 25 su bar 4,500 a mako. Sai dai ka lura, in duk oda ta samu wucewa, fenti zai koma cin awa 37 cikin 40, kuma wurin da ya cika haka ƙiris ya rage ya zama sabon maƙogwaro.

Haka batun ragin farashi. Wani ɗan kasuwa ya zo yana son ƙarin kujera 30 a mako, amma a kan 200 maimakon 250. Rarar kowace ta koma 100, a awa 600. Kujerun za su ci awa 5, wato za su ture gado 5 ɗin nan. Ka samu 3,000, ka rasa 2,400, ka ci 600. Har ma za ka iya sanin inda za ka tsaya a ciniki: minti 10 na walda darajarsu 80, a haɗa da kayan haɗi 100, ƙasa da 180 faɗuwa ce. Lissafin ya ce a karɓa, amma ni zan yi jinkiri, domin in masu sayen kujera 90 ɗin nan suka ji labari suka ce su ma sai 200, ka zubar da 4,500 a mako don neman 600. Wannan ba ya fitowa a cikin rabon rara da awa, sanin abokan cinikinka ne zai gaya maka.

Ta ɗaya gefen, in mai sayar da injuna ya kawo maka sabon injin yanka da zai rage lokacin yanka da rabi, ka tambayi kanka kujera nawa za a ƙara sayarwa. Ko ɗaya. Yanka dama yana da sarari, abin da zai ƙaru kawai tulin ƙarfen da ke gaban walda, kuɗinka ne kwance a ƙasa yana tsatsa. Shi ya sa a wannan tsarin ba a ƙirga kaya a matsayin rara sai an sayar da shi, kuma ba a zargin mai yanka don an gan shi zaune. In aka matsa masa lallai sai ya cika awa 40, ƙarfen da walda ba za ta iya haɗiyewa ba zai yi ta yankawa.

Abin mamaki ma, wani lokaci ƙara wa wani mataki aiki shi ne riba. A ce an ƙera wani maƙalin da ke riƙe sassan gado a daidai, kuma masu yanka suka ɗauki aikin gogewa da jerawa, sai waldar gado ta sauko daga minti 60 zuwa 40, yanka ya ƙaru da minti 15. Rarar gado a awa ta tashi zuwa 720, ta wuce ta tebur. Sabon jeri: kujera 90 a awa 15, gado 30 a awa 20, tebur 10 a awa 5. Jimilla 31,200, ƙarin 2,100 a mako. Wannan ya nuna maka cewa jerin ba abin da ake yi sau ɗaya a rataye a bango ba ne. Da zarar minti ko farashi ko kuɗin ƙarfe ya canza, sai a sake.

To ina lissafin ke ɓaci? Mafi yawa a wurin awa 40 ɗin nan. A takarda ne ake da 40. A zahiri mai walda yana tsayawa canja maƙali daga na kujera zuwa na tebur, yana jiran a kawo masa sassa, yana neman sandar walda, yana fita cin abinci injin na kashe. In aka rasa awa 6 a mako, gado 5 sun tafi da 2,400, awa ta shida kuma ta ci tebur 2, wato 660, jimilla 3,060, kusan rabin ribar makon. Ka sa yaro ɗaya da littafi ya zauna kusa da injin na mako biyu, ya rubuta duk lokacin da wutar walda ta tsaya da dalilin tsayawar. Da abin da ya rubuta za ka yi lissafi. Yawancin gyaran da za su fito daga littafin ba sa bukatar sayen komai: a riƙa ajiye sassan aikin rabin yini a gaban mai walda don kada ya jira, wani ya karɓe shi lokacin hutu, ɗauko kaya da share wuri su koma hannun waɗanda ke da sarari. Canjin maƙali kuma lokacin walda ne, in ana yin kujera ƙanana-ƙananan rukuni sau da yawa a mako, sai a raba mintocin canjin a kan kujerun, minti 10 ɗin nan na iya zama 12 ko 13.

Sai kayan da suka lalace. In an gano sashe ya karkace kafin ya shiga walda, ƙarfe kawai aka rasa. In sai bayan walda aka gano, an rasa ƙarfe da mintocin da ba za su dawo ba. A ce tebur 1 cikin 10 ana jefar da shi bayan walda. Kowane tebur mai kyau ya ci minti 33 da ɗoriya ke nan, kayan haɗinsa sun tashi daga 270 zuwa 300, rara ta sauko 300, a awa kuma 540. Daga 660 ya faɗo ƙasa da 550 ɗin da awar ke bin ka, ba tare da farashi ya motsa ba. Don haka mai duba inganci wurinsa gaban maƙogwaro ne, kada a ciyar da walda abin da za a zubar.

Akwai kuma iyakokin da ya kamata ka sani tun yanzu. Lissafin ya ɗauka kayayyakin ba su da alaƙa da juna a kasuwa. In babban dillalinka yana sayen kujera ne saboda kana ba shi gado 10 kowane mako, to sai ka fara ware awa 10 ɗin nan, sannan ka raba awa 30 da suka rage bisa jeri: kujera 90, tebur 30. Rara za ta zama 28,200, wato riƙe dillalin yana cin ka 900 a mako, kai za ka auna ko ya kai. Haka nan lissafin na gajeren zango ne, makonni ko 'yan watanni da albashi da haya ba sa canzawa. A shawarar shekaru, kamar buɗe sabon layi ko rage ma'aikata, waɗannan kuɗaɗen ma suna motsi, dole su shigo. In kuma matakai biyu suka cika a lokaci guda, walda da fenti misali, rabo da awa ɗaya ba zai ba ka amsa ba, domin kayan da ya yi kyau a wannan zai iya zama mafi muni a wancan. Nan sai a koma ga lissafin da ke ɗaukar iyakoki da yawa tare, wanda kayan aikin Solver da ke cikin Excel yake yi cikin daƙiƙu.

Ranar da ka sayi injin walda na biyu, awoyin walda suka zama 80 alhali oda 65 take nema, maƙogwaron ya bar walda. Ko dai ya koma fenti in oda ta ƙaru, sai ka sake rabon da mintocin fenti, inda gado zai kawo 1,440 a awa, tebur 1,100, kujera 900, ka ga gado ya dawo kan gaba. Ko kuma ya fita masana'antar gaba ɗaya ya koma kasuwa, sai duk odar da farashinta ya haura kuɗin kayan haɗinta ta zama abin dubawa. Masana'antu da yawa suna ci gaba da bin tsohon jeri watanni bayan maƙogwaron ya ƙaura, don haka duk lokacin da ka ƙara inji ko ma'aikaci, ka sake zagayen nan na safe ka ga inda tulin ya koma.